Ana Neman Mai Karɓar Baƙi: Yadda Ake Rubuta Sanarwar Aiki da Kowa Zai Gane

A bangon masaukin baƙi, ko a wayar salula, ana yawan cin karo da sanarwa irin wannan: “Ana neman mai karɓar baƙi cikin gaggawa. Dole ta kasance mai fara'a, mai hazaƙa, mai iya aiki cikin matsi. Albashi mai tsoka. A tuntuɓe mu.” Sai lambar waya a ƙasa. Wanda ya rubuta yana ganin ya gama magana, amma mai neman aikin da ya karanta bai ƙaru da komai ba. Bai san unguwar da masaukin yake ba, bai san ko da kwanan dare ba, bai san nawa ne “mai tsoka” ba. Abin da ya rage masa shi ne ya kira ya tambaya. Haka wayar manaja za ta wuni tana ƙara, ana maimaita tambaya ɗaya, kuma akasarin masu kiran da sun san gaskiyar aikin tun farko da ba su ƙona katinsu ba.

Asarar ba ta tsaya a kan katin waya ba. Wanda aka ɗauka da irin wannan sanarwa sai ya fara aiki yake gano sharuɗɗan da ba a gaya masa ba, kuma da yawa ba sa kai wata biyu suke ajiye makulli. Mai masauki ya koma neman wani, ya sake koyarwa daga farko, baƙi kuma kullum suna tarar da sabuwar fuskar da ba ta san ɗakin da famfonsa ke yoyo ba.

Rubutu a sauƙaƙe fanni ne da aka daɗe ana aiki a kansa. A Birtaniya, Chrissie Maher ta kafa ƙungiyar fafutukar sauƙaƙa Turancin takardun hukuma a 1979, a Amurka kuma an sa hannu a 2010 kan dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya su riƙa rubuta wa jama'a da harshen da za su gane. Ma'aunin da masu wannan fanni suke amfani da shi ya dace da sanarwar aiki sosai: mai karatu ya samu abin da yake nema, ya gane shi, ya kuma iya aiki da shi. Idan mai neman aiki ya karanta sau ɗaya ya iya yanke wa kansa hukunci, ko dai ya nema ko ya haƙura, to sanarwar ta yi aikinta.

Kafin a ɗauki biro

A ɗauki misalin masauki mai ɗaki 18 a Kano, wanda yawancin baƙinsa 'yan kasuwa ne masu zuwa sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari. Wasu daga Arewa maso Gabas suke, wasu daga Nijar, Chadi ko Kamaru. Mai wurin yana son ƙarin mutum ɗaya a kanta. Aikinsa na farko shi ne ya ja kujera ya zauna kusa da kantar, wuni guda da dare guda, yana rubuta duk abin da mai karɓar baƙi ya yi da hannunsa.

Abin da zai gani ya sha bamban da abin da yake zato daga ofis. Da sassafe ana karɓar aiki daga mai kwanan dare: a ƙirga kuɗin da ke cikin aljihun tebur, a gwada da littafin rasit, a duba ɗakunan da ke da mutane. Wajen sha biyun rana, lokacin da galibin masaukai ke sa baƙo ya fita ko ya sabunta, sai a bi ɗaki-ɗaki ta waya ana tambaya, a karɓi makulli, a sanar da masu shara ɗakin da ya zama fanko. Da la'asar sababbin baƙi na isowa da ƙullin kaya. A rubuta sunan kowa da lambar wayarsa a rajista, a duba katin shaidarsa, a karɓi kuɗi. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 biyan kuɗi ta POS da taransifa ya ƙara zama ruwan dare, don haka mai kanta dole ya san cewa hoton rasit da baƙo ya nuna a wayarsa ba shi ne shaida ba. Sai ya ga kuɗin sun shiga asusun masauki kafin ya miƙa makulli. Da dare kuma ga mai ƙorafin ruwan zafi, ga wanda na'urar sanyaya ɗakinsa ta tsaya, ga wuta ta ɗauke ana neman mai tada janareta, ga wanda ke son a tashe shi da asuba don ya kama mota.

Daga wannan jeri ake tsamo sanarwa. Ba duka za a zuba ba. A zaɓi ayyuka biyar ko shida da suka fi cin lokaci ko suka fi haɗari idan aka yi kuskure, a rubuta kowanne da aikatau da ake iya gani da ido: rubutawa, ƙirgawa, amsa waya, miƙa makulli. “Kula da harkokin baƙi” bai gaya wa kowa komai ba. “Rubuta baƙo a rajista, karɓar kuɗin ɗaki da ba shi rasit” kuwa, ko wanda bai taɓa shiga otal ba zai hango kansa yana yi, ya kuma san ko zai iya.

Haka ma siffofin yabo. Babu mai neman aikin da zai karanta “mai gaskiya da riƙon amana” ya ce ba da shi ake ba. Kowa na ganin kansa mai hazaƙa, saboda haka kalmar ba ta tace kowa. Abin da ke tacewa shi ne aikin da siffar take nufi. Idan amana ake so, a rubuta cewa mai aikin zai riƙe kuɗin wuni, ya yi lissafinsu a gaban wanda zai karɓe shi, kuma za a nemi mutum biyu da za su tsaya masa. Idan “aiki cikin matsi” na nufin baƙi shida su iso lokaci ɗaya waya kuma tana ƙara, a faɗi hakan.

Lokaci da kuɗi, inda aka fi ɓoyewa

Abu biyu ne masu masauki suka fi jin nauyin rubutawa, kuma su ne mai neman aiki ya fi buƙata: awannin aiki da albashi.

Masauki ba ya rufewa, don haka kanta tana buƙatar mutum awa 24. A ce mai wurin nan ya raba yini uku: safe daga ƙarfe 7 zuwa 2, yamma daga 2 zuwa 9, dare daga 9 zuwa 7 na safe. Sau uku a rana, kwana bakwai, ya zama zama 21 a mako. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun yini guda, awa 24 a jere, a cikin kowane kwana bakwai. Ke nan mutum ɗaya zama shida zai yi a mako, mutum uku kuma 18 kawai za su iya rufewa. Saura uku babu mai su. Sau da yawa a wajen rubuta sanarwa ne mai masauki ke fara gane cewa ma'aikatansa uku sun daɗe suna aiki ba hutu, ko kuma manaja ne ya kamata ya riƙa cike gurbin. Gara ya warware wannan lissafi a takarda kafin ya yi wa wani alkawarin hutun da ba zai iya bayarwa ba.

Lokacin tashi ma ba ƙaramin abu ba ne. Manyan otal-otal kan yi canjin yamma da ƙarfe 11 na dare, amma wanda ya tashi a wannan lokaci da me zai koma gida? A watan Yulin 2022 gwamnatin Kano ta hana zirga-zirgar adaidaita sahu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ko da babu irin wannan doka a gari, abin hawa yana wuya kuma yana tsada idan dare ya yi. Budurwar da ke gaban iyayenta, ko matar aure, amsar wannan tambaya ce za ta sa a bar ta ta karɓi aikin ko a hana ta. Sanarwar da ta ce “ana tashi ƙarfe 9 na dare” ko “mai aikin dare yana kwana a masauki har safiya” ta ba ta abin da za ta kai gida a yi shawara. Wadda ta ce “lokutan aiki masu sauƙi” ta bar ta cikin duhu. Idan aikin ya haɗa da Juma'a, Lahadi da ranakun Sallah, shi ma a faɗa, tare da yadda ake ba mutum damar zuwa masallaci ko coci.

Sai albashi. Hujjar masu ɓoyewa sananniya ce: kada tsofaffin ma'aikata su gani su yi ƙorafi, kada masu gasa su sani, ko kuma a bar ƙofar ciniki a buɗe. Amma mai neman aiki lissafi yake yi. A ce albashin Naira 75,000 ne, shi kuma daga unguwarsu kuɗin mota zuwa da dawowa Naira 1,000 ne a rana. A kwana 26 na aiki Naira 26,000 sun tafi, saura 49,000. Wanda ke kusa da masaukin, mai zuwa da ƙafa, aikin ya yi masa. Na nesa kuwa wataƙila bai yi masa ba. Idan an rubuta adadin da unguwar, kowannensu zai yi wannan lissafi a ɗakinsa. Idan ba a rubuta ba, sai bayan an yi ganawa, an ɗauke shi, an koya masa aiki, zai yi lissafin a ƙarshen watan farko ya tafi. In mai wurin bai tsayar da adadi ɗaya ba, ya sa iyaka biyu masu kusanci, kamar 70,000 zuwa 80,000, ya faɗi abin da ke bambanta su.

Akwai batun doka a nan. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa Naira 70,000 a wata. Dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ƙananan masaukai da dama suna cikin wannan rukuni. Sai dai masu neman aiki sun san adadin, da shi suke auna kowane tayi. Wanda zai biya ƙasa da haka, ya fi masa ya faɗa a fili, ya kuma lissafa abin da ke biye da shi, kamar abincin rana ko wurin kwana, da ya laƙaba masa “mai tsoka”.

Wani abin da ke haddasa rigima shi ne giɓin kuɗi. A wurare da yawa, in lissafi bai cika ba sai a zare daga albashin mai kanta, kuma ba a taɓa gaya masa haka ba sai ranar biya. Dokar Ƙwadago ta hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Ta yarda a cire wani abu daidai gwargwado idan ya jawo asara da gangan ko da sakaci, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna. Don haka bai dace a rubuta “duk abin da ya ɓata za a cire a albashi” ba. Abin da ya dace shi ne a bayyana tsarin: ana ƙirga kuɗi a gaban mutum biyu a kowane canjin aiki, dukansu su sa hannu. Wannan yana kare mai wuri, yana kuma kare ma'aikaci daga ɗaukar laifin wani.

Sharuɗɗan da aikin ke buƙata da waɗanda aka ɗora masa

Ana yawan ganin “digiri ko babbar difloma” a sanarwar aikin da takardar gama sakandare ta ishe shi. Sakamakon haka shi ne a kori wanda ya shekara uku yana riƙe shagon POS, ya san taransifa ta bogi da kallo ɗaya, a ɗauki mai digirin da ke jiran aikin gwamnati ya fito ya tafi. Tambayar da za a yi wa kowane sharaɗi ita ce: wane aiki ne a jerin nan ba zai yiwu ba idan babu shi? Karatu da rubutu da Hausa da Turanci dole ne, saboda rajista da rasit. Lissafi dole ne. Faransanci ko Larabci a masaukin da 'yan Nijar da Chadi ke sauka ƙari ne mai amfani, amma ba dole ba. A raba su gida biyu a rubuce, “dole” da “zai taimaka”, domin mai kunya kan ɗauka duk abin da aka jera wajibi ne, ya janye alhali shi ake nema.

Akwai kuma sharuɗɗan da ya kamata a goge gaba ɗaya. “Kyakkyawa”, “fara”, “marar aure”, “a turo hoto na tsaye”: babu ɗayansu da ke taimaka wa rajista ko lissafi, kuma suna sa iyaye su zargi wurin, su hana 'ya'yansu nema. Masaukin baƙi dama wuri ne da ake saurin yi masa mummunan zato, bai kamata sanarwarsa ta ƙara masa ba. Idan tsafta da kamala ake nufi, a ce akwai kayan aiki da masauki ke bayarwa, ko a faɗi irin shigar da ake so. Ƙabila da addini ma ba su da gurbi. Haka nan, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su damar neman aiki daidai da kowa, kuma aikin kanta yana cikin waɗanda mai keken guragu zai iya yi sarai idan ƙofa da tebur sun ba shi hanya.

Ga yadda sanarwar masaukin nan za ta iya kasancewa bayan an bi waɗannan matakai, da sunan wurin da kwatancensa a sama:

“Muna neman mai karɓar baƙi mutum ɗaya, namiji ko mace. Masaukinmu ɗaki 18 ne, yawancin baƙinmu 'yan kasuwa ne.

Aikin: rubuta baƙi a rajista da duba katin shaidarsu, karɓar kuɗi a hannu, ta POS ko taransifa, da ba da rasit, amsa waya da ajiye wa baƙi ɗaki, sanar da masu shara da mai gyara abin da ake buƙata, ƙirga kuɗi tare da wanda zai karɓi aiki.

Lokaci: kwana shida a mako, hutu kwana ɗaya. Mako guda safe, ƙarfe 7 zuwa 2. Mako guda yamma, ƙarfe 2 zuwa 9. Babu kwanan dare. Ana aiki ranakun Sallah bisa karɓa-karɓa.

Albashi: Naira 75,000 a wata, muna biya kafin ranar 30. Muna ba da abinci sau ɗaya a lokacin aiki. Wata ukun farko na gwaji ne, albashin bai canzawa.

Dole: takardar gama sakandare, karatu da rubutu da Hausa da Turanci, iya lissafin kuɗi, mutum biyu da za su tsaya maka ko miki. Zai taimaka: Faransanci ko Larabci, ko taɓa aikin POS.

Yadda za a nema: kawo takardar nema da kwafin takardar makaranta wurin manaja, ƙarfe 10 zuwa 4, kafin ranar 15 ga wata. Za mu kira waɗanda muka zaɓa cikin mako guda. Ba ma karɓar ko sisi don neman wannan aiki.”

A lura da “muna biya” da “za mu kira”. Rubutun ofis yana son fakewa a bayan “za a duba”, “za a tuntuɓa”, har mai karatu ya rasa wa zai yi me. Inda alkawari ne daga masauki, masauki ya ce “mu”. Jimlar ƙarshe ita ma da dalilinta. 'Yan damfara sun saba yin sanarwar aikin bogi su karɓi kuɗin fom, don haka mai hankali yana ɗari-ɗari da duk sanarwar da ba ta da suna da adireshi. Kada kuma a nemi lambar BVN ko bayanan asusun banki a matakin nema. Lambar asusu sai an ɗauki mutum za a biya shi ake buƙatarta. Kwafin takardu ake karɓa, na asali a gani a mayar wa mai su.

Abin da aka rubuta a sanarwa shi ne zai koma takardar ɗaukar aiki. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, har da albashi, awanni da hutu. Idan sanarwa ta ce babu kwanan dare, takarda kuma ta zo da shi, an fara zama da saɓa alkawari.

Gwaji kafin a liƙa

Mai rubutu ba ya ganin giɓin rubutunsa, saboda abin da ya manta bai sa ba yana nan a kansa. Maganin haka shi ne a miƙa takardar ga wanda bai san zancen ba, kamar ɗan maƙwabci da ya gama sakandare bana, ya karanta sau ɗaya, a karɓe, sannan a tambaye shi: mene ne aikin, a ina, ƙarfe nawa, nawa ne albashi, yaya ake nema kuma zuwa yaushe? Duk tambayar da ya yi shiru a kanta, wurin na buƙatar gyara. A kuma ba tsohon mai kanta ya duba, domin shi zai ce an manta da cewa Asabar ce ranar da aiki ya fi yawa.

Sai a duba ta a waya, tun da ta WhatsApp za ta fi yawo. Hoton takarda da aka ɗauka a karkace yana dushewa idan an yi ta turawa, gara a aika rubutun kansa, layi-layi, da sunan aiki da unguwa da albashi a farkon saƙo. Ranar rufewa ta zo da wata da shekara, don irin wannan saƙo kan ci gaba da zagayawa watanni bayan an cike gurbin. Idan za a kai gidan rediyo, a rage ta zuwa aiki, lokaci, albashi da wurin zuwa, a maimaita kwatancen sau biyu.

Bayan ta fita, kiran da ke shigowa shi zai nuna inda aka yi kuskure. Idan mutum biyar sun tambayi ko akwai wurin kwana, to layin ya ɓace, a ƙara shi a sake turawa. Idan masu zuwa duk daga nesa suke kuma suna janyewa da jin lokacin tashi, ba a sa unguwa da awanni a inda ido zai fara sauka ba. Idan kuwa kwana goma sun wuce babu wanda ya cika sharuɗɗa, sai mai masauki ya koma kan jerin “dole” ya ga abin da zai mayar “zai taimaka”, ko kuma ya yarda cewa Naira 75,000 ba ta kai farashin mai jin harshe uku ba, ya ƙara.